Yawan ban haƙuri a saƙon aiki: ladabi ne ko zubar da ƙima?

Rukayya Sharaɗa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aikin akanta a wani kamfanin sarrafa robobi da ke Sharaɗa, kuma wani abu ya same ni a watan jiya wanda har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ce ke haɗa lissafin harajin kayayyaki na kowane wata, wanda doka ta ce a miƙa wa hukuma kafin ranar 21 ga watan da ke biye ta wuce. Ba zan iya haɗa shi ba sai shugaban sito ya ba ni takardun fitar da kaya, domin in gwada su da rasitan ciniki. Shugaban siton dattijo ne, sa'an mahaifina, kuma ya riga ni shiga kamfanin da shekara goma sha biyar.

Ranar 8 ga wata na rubuta masa kamar haka: "Salam Baba, don Allah ka yi haƙuri da damun ka da nake yi, na san ayyuka sun yi maka yawa. Ka gafarce ni, dama cewa na yi ko in ka samu sarari za ka ɗan taimaka mini da takardun nan na watan jiya, in ba damuwa. Ka yi haƙuri don Allah." Bai ce komai ba. Ranar 13 na sake rubutawa, na fara da ba shi haƙurin cewa na sake dawowa. Ranar 18 ma haka. Takardun ba su zo hannuna ba sai ranar 22 da yamma, muka makara, aka ci kamfani tara. Da manaja ya kira mu, na nuna masa saƙonnin uku ina ganin za su wanke ni, sai ya karanta ya ɗago kai ya ce bai ga inda na faɗa wa mutumin ranar da nake buƙatar takardun ba, kuma bai ga inda na nuna cewa wajibi ne ba. A ƙarshe ni aka ba takardar gargaɗi. Ina so a duba mini, ina kuskuren yake, kuma yaya zan rubuta wa babba irin wannan ba tare da na yi rashin kunya ba?

Malam Habibu Gwale:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ni ban ga laifinki ba ko kaɗan. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mutumin da ya haife ki ba za ki rubuta masa kamar kina ba ɗan aike umarni ba. An zalunce ki ne kawai, domin shi dattijon ya san aikinsa, ya san ana haɗa haraji kowane wata, ba sai an tuna masa rana ba. Kada wannan ya sa ki zubar da ladabin da kika tashi da shi.

Hajiya Asabe:
Rukayya, sannu da wannan jarrabawa. Na yi shekara talatin da biyu ina aikin gwamnati, mafi yawansu a Sakatariyar Audu Bako, kuma na karanta dubban takardu irin naki, saboda haka bari in tsaya a kan saƙon kansa, kalma bayan kalma.

Malam Habibu ya yi gaskiya cewa dattijon ya san aikinsa, kuma ya yi gaskiya cewa ladabi ba abin yarwa ba ne. Inda na saɓa da shi shi ne, abin da ke cikin saƙon nan ba ladabi kaɗai ba ne, abubuwa uku ne aka cakuɗa su wuri guda. Akwai gaisuwa da girmamawa, wato "Salam Baba", wannan daidai ne, a bar shi. Akwai ban haƙuri har sau uku, "ka yi haƙuri", "ka gafarce ni", "ka yi haƙuri don Allah", alhali ba ki yi masa laifin komai ba. Sannan akwai ƙofofin fita da kika buɗe masa da hannunki: "in ka samu sarari", "ka ɗan taimaka mini", "in ba damuwa". Mutumin da aiki ya yi wa yawa, yana tsaye a bakin sito ana lodin motoci, idan ya duba wayarsa ya ga "in ka samu sarari", abin da zai ɗauka shi ne aikin zai iya jira, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba idan ya ce bai samu sararin ba.

Kalmar da ta fi yi miki ɓarna ita ce "taimaka mini". Takardun nan ba naki ba ne, na kamfani ne, kuma miƙa su wani ɓangare ne na aikin da ake biyan sa albashi a kansa. Da kika ce ya taimaka miki, kin mayar da wajibi ya zama alfarma, ita kuwa alfarma mai yin ta ne ke zaɓen lokacin da ya ga dama. Da kika fara da ban haƙuri kuma, kin sanar da shi tun a layin farko cewa ke ce kika shigo masa ba bisa ƙa'ida ba. Saƙo na biyu da na uku sun ƙara tabbatar da haka, domin shi ne ya jinkirta amma ke ce ke neman gafara. Duk wanda ya karanta daga baya, kamar yadda manajanku ya yi, zai ga mai roƙo ne da wanda ake roƙo, ba zai ga ma'aikata biyu da ke da alhaki ɗaya a wuyansu ba.

Injiniya Nasiru:
Ni a ganina matsalar ita ce rubuta saƙon aiki da Hausa. Da Turanci ta rubuta ta imel, ta sa manaja a kwafi tun ranar farko, da duk wannan bai faru ba. Hausa harshen zumunci ne, shi ya sa ake raina saƙon.

Hajiya Asabe:
Injiniya, harshe ba shi da laifi a nan. Na ga takardun Turanci da aka cika da neman afuwa tun daga sama har ƙasa, kuma sun sha irin wannan kaye. Hausa ma tana da hanyar da za a nemi abu da ƙarfi ba tare da an nuna wa babba yatsa ba, ita ce maganar da ba a ambaci mai aikatawa ba. Idan ka ce "a turo takardun" ko "ana buƙatar takardun", ba ka umarci mutum kai tsaye ba, kuma ba ka roƙe shi ba. A fada ma haka ake magana. A aikin gwamnati kuwa wasiƙa takan fara da cewa an umarci mai rubutu ya sanar da abu kaza, domin a nuna cewa ofis ne ke magana ta bakinsa, shi ya sa ƙaramin ma'aikaci zai iya sa hannu a takardar da za ta je wa wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ba tare da ya ba kowa haƙuri ba.

Game da sa manaja a kwafi tun ranar farko, ban goyi baya ba. Dattijo irin wannan zai ɗauka an kai ƙarar sa tun kafin ya yi laifi, kuma Rukayya za ta ci gaba da buƙatar sa kowane wata.

Rukayya Sharaɗa:
Na gode ƙwarai, Hajiya. Na sake karanta saƙon, kuma gaskiya ne babu rana a ciki ko sau ɗaya. Da ke ce a matsayina, yaya za ki rubuta na ranar 8 ɗin?

Hajiya Asabe:
Ga yadda zan rubuta: "Assalamu alaikum Baba, barka da aiki. Lokacin haɗa harajin watan jiya ya yi, kuma ana buƙatar takardun fitar da kaya daga ranar 1 zuwa ƙarshen wata. Don Allah a turo mini su zuwa ranar 14 da azahar, domin ina buƙatar kwana huɗu in gwada su da rasitai kafin wa'adin hukuma na ranar 21. Idan akwai waɗanda ba su kammala ba, a sanar da ni yau in san yadda zan tsara. Na gode, Allah Ya ƙara girma."

Ki duba, girmamawar tana nan a farko da ƙarshe, inda ta saba zama a maganarmu. Tsakiyar kuwa aiki ne zalla: abin da ake so, ranar da ake so, da dalilin ranar. Dalilin nan yana da muhimmanci, domin shi ne ke ɗauke nauyin umarnin daga kanki ya ɗora shi a kan wa'adin hukuma. Ba Rukayya ce ta ga dama ta yanka wa Baba rana ba, lissafin kwanaki ne ya yanka. Jimlar da ta ce a sanar da ke idan akwai matsala ita ce ta maye gurbin "in ba damuwa". Ta ba shi damar faɗin uzurinsa, amma ba ta ba shi damar yin shiru ba.

Idan ranar 14 ta wuce ba ki ga komai ba, washegari da safe sai ki rubuta: "Barka da asuba Baba. Takardun fitar da kaya ba su iso ba tukuna, kuma saura kwana shida wa'adi ya cika. Zan shigo sito ƙarfe goma sha ɗaya in karɓi waɗanda suka kammala." Ba zargi a ciki, ba ban haƙuri, kuma ƙafarki za ta yi abin da saƙo bai yi ba. Sai idan wannan ma bai yi ba ne za a sanar da manaja, kuma ki faɗa wa Baban da bakinki cewa za ki sanar, domin kada ya ji daga sama.

Malam Habibu Gwale:
Hajiya, na yarda tsarinki ya fi fito da magana fili, kuma na ga kin bar "don Allah" a ciki, wanda ya kwantar mini da hankali. Amma "zan shigo in karɓa" ɗin nan, daga bakin yarinya zuwa ga sa'an ubanta, ni dai ya yi mini tsauri. Da za a ce "ko zan iya shigowa in karɓa" ai babu abin da zai ragu.

Hajiya Asabe:
Malam, akwai abin da zai ragu, domin tambaya tana jiran amsa, kuma mutumin nan ya riga ya nuna cewa ba ya amsawa. Idan ta tambaya ya yi shiru, ta koma inda ta fara. Amma ina iya sassautawa in ce "in sha Allahu zan shigo ƙarfe goma sha ɗaya, sai dai in wani lokacin ya fi maka". Ta haka zaɓin da ke hannunsa na lokaci ne, ba na ko za a yi ko ba za a yi ba. "Don Allah" kuwa sau ɗaya ya isa. Idan aka jera shi sau uku a saƙo guda ya tashi daga ladabi ya koma magiya.

Alhaji Ɗanlami Kwari:
Ni ba ma'aikacin ofis ba ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, amma abin nan ya taɓa ni. Yaron shagona na sa shi ya riƙa tuntuɓar masu bashi, sai na tarar yana rubuta musu "Alhaji ka yi haƙuri, Oga ne ya matsa mini in tuna maka". Wani da ya ɗauki dila biyu tun kafin azumi ya kira ni yana faɗa, wai ashe har yarona ya san ina takura wa mutane. Kun ga ban haƙurin yaron ya mayar da ni azzalumi, shi mai cin bashin ya zama wanda aka zalunta. Yanzu na ce ya rubuta adadin kuɗin da ranar da aka yi alkawari, ya gaishe da mutum, ya tsaya nan.

Dakta Maryam:
Abin da Alhaji ya kawo ya nuna wata ɓarnar da ba a ambata ba, wato mai yawan ban haƙuri ba kansa kaɗai yake rage wa ƙima ba, har da wanda yake wakilta. Ina so in ƙara abu biyu daga ɓangaren nazari. A shekarar 2010 Karina Schumann da Michael Ross na Jami'ar Waterloo a Kanada sun sa mutane suna rubuta laifuffukan da suke ganin sun yi a kullum da kuma ko sun nemi afuwa. Mata sun fi maza yawan neman afuwa, amma ba domin maza suna ƙin nema ba ne idan sun yarda sun yi laifi. Bambancin shi ne mata sun fi ɗaukar abubuwa da yawa a matsayin laifi tun farko. Wannan ya dace da Rukayya, domin a zuciyarta tuna wa babba aikinsa laifi ne, shi ya sa hannunta ya rubuta "ka gafarce ni". Gyaran yana farawa kafin rubutu, da tambayar ko akwai abin da na yi wa mutumin nan wanda ya cancanci afuwa.

Na biyun ya shafi harshenmu. "Yi haƙuri" a Hausa tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Muna faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, muna faɗa wa wanda muke so ya jira, muna kuma faɗa idan mun yi kuskure. A baki, murya da fuska suna bambance su. A rubuce babu murya, saboda haka mai karatu ne ke zaɓen ma'ana, kuma idan rigima ta taso zai zaɓi wadda ta fi yi masa amfani, wato amsa laifi.

Usman Fagge:
Ina bin muhawarar nan da kyau, amma ina tsoron kada a fahimci cewa ba a ba da haƙuri a wurin aiki. Ni makon jiya na tura wa abokin cinikinmu takardar farashi da kuskure, na rubuta kwali 150 maimakon 510, har ya biya kuɗi a kan haka. Na rubuta wa shugabata saƙo mai tsawo ina ta neman gafara, na ce ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce na san na ba ta kunya. Amsar da ta ba ni ita ce, "To yanzu me za a yi?" Shin a nan ma kuskure na yi da na nemi afuwa?

Dakta Maryam:
A'a Malam Usman, a nan afuwa ta wajaba, domin laifi ya auku kuma naka ne. Abin da ya ɓace shi ne abin da shugabarka ta tambaya. Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa sun gwada sassan neman afuwa guda shida a binciken da suka wallafa a 2016, suka tarar cewa amsa laifi kai tsaye shi ya fi tasiri, sai tayin gyara ɓarnar, roƙon a yafe kuwa shi ne na ƙarshe. Saƙonka ya cika da na ƙarshen, ya bar na biyun. Sannan duk jimlar da ka rubuta kan yadda ranka ya ɓaci tana ɗora wa shugabarka aikin lallashin ka, alhali ita tana tunanin abokin ciniki ne.

Hajiya Asabe:
Usman, da sai ka ce: "Hajiya, na yi kuskure a takardar farashin da na tura ranar Talata, na rubuta kwali 150 maimakon 510, kuma abokin cinikin ya biya a kan 150. Laifina ne, a yi mini afuwa. Na shirya gyararriyar takarda, ga ta a haɗe, kuma idan kin amince zan kira shi yau kafin la'asar in yi masa bayanin cikon kwali 360. Daga yanzu zan gwada kowace takarda da odar asali kafin ta fita." Afuwa sau ɗaya, a wurinta, sannan gyara. Kuma ka lura, wanda ya saba ba da haƙuri a kan kowace tambaya da kowace tunatarwa, ranar da ya yi laifi na gaske kalmar ta riga ta yi laushi a kunnen mutane, sai ya ga dole ya ninka ta sau biyar kafin a ji, kamar yadda ka yi.

Injiniya Nasiru:
Na karɓi gyara kan batun harshe. Amma har yanzu ina kan bakana game da manaja. Rukayya ta bi dattijon sau uku ita kaɗai, aka ci tara, aka ba ta gargaɗi. Ko da ta rubuta saƙon Hajiya, wa ya tabbatar zai amsa? Akwai mutanen da ba kalma ce matsalarsu ba, ganin mace ƙarama ce ke nema shi ne matsalar.

Hajiya Asabe:
Wannan gaskiya ne Injiniya, kuma ban ce saƙo mai kyau yana canza halin mutum ba. Na yi aiki da waɗanda ko da zinare ka rubuta musu ba za su motsa ba sai sun ji daga sama. Abin da saƙon zai yi mata ko da bai amsa ba shi ne, ranar da aka zauna gaban manaja za a ga rana, a ga dalili, a ga an tuna masa, kuma takardar gargaɗin ba za ta sauka a teburinta ba. Inda muka bambanta da kai shi ne yaushe za a sa manaja, kai ka ce ranar 8, ni na ce ranar 16.

Malam Habibu Gwale:
Ni kuma ina ganin kafin duk wannan, ta je ta gaishe shi a sito ta yi masa bayanin tarar da aka ci da bakinta, ba a waya ba. Dattijai da yawa ba sa ɗaukar saƙon waya a matsayin magana.

Rukayya Sharaɗa:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Gobe 7 ga wata, zan bi shawarar Malam Habibu in shiga sito da safe in gaishe shi, sannan in tura saƙon da Hajiya ta tsara domin ya zama a rubuce, da ranar 14 a ciki. Abin da ban yanke ba shi ne ko in ambaci tarar watan jiya a cikin saƙon. Ina ganin ambaton zai nuna masa nauyin abin, amma ina tsoron ya ɗauka gori nake yi masa, tunda ya san ni aka hukunta a kan jinkirinsa. Hajiya, me kika gani?

Hajiya Asabe:
Ki faɗe ta a baki idan kin je, a matsayin abin da ya sami kamfani, kada ki sa ta a rubuce. Ranar 15 ki dawo ki gaya mana ko takardun sun iso.